Hirar minti 41, bidiyon minti 9: yadda muka mayar da fodkas ɗin mai gyaran agogo rubutun bidiyo

Fayil uku aka turo mini. Na farko sautin shirin fodkas ne kamar yadda aka sake shi ga masu sauraro, minti 41, hira tsakanin mai gabatarwa da wani dattijo mai gyaran agogon hannu, irin wanda ake wanawa, ba mai batir ba. Na biyu hirar ce a rubuce, kalma wajen 5,700, kowane layi da lokacinsa. Na uku bidiyo ne na kyamara guda da aka kafa a gefe ranar hirar, ta ɗauko su biyun a zaune daga farko har ƙarshe. Abin da ake so daga gare ni shi ne rubutun da mai tacewa zai bi ya fitar da bidiyon da bai wuce minti 9 ba, tare da jerin hotunan da za a koma a ɗauko a teburin dattijon.

Mai gabatarwar ta ɗauka aikin kwana ɗaya ne: a rage hirar, a ɗora hotunan agogo a kai. Mako guda ya ci.

Lokutan da suka ƙi haɗuwa

Tun kafin in zaɓi ko jimla ɗaya na yi tuntuɓe. Rubutacciyar hirar ta zo ne a tsarin SRT, kowane guntu kamar haka:

```
148
00:09:52,300 --> 00:09:57,100
Akwai wani ɗan sifirin a ciki, siriri kamar gashi
```

Na buɗe bidiyon, na je minti 9 da daƙiƙa 52, sai na tarar da dattijon yana magana a kan wani abu daban. Jimlar da nake nema tana can a minti 14. Dalilin bai da wuyar ganewa da zarar an dubi tsawon fayil ɗin: bidiyon minti 58 ne, sautin da aka saki minti 41. Wato an rubuta hirar ne daga sautin da aka riga aka tace, bayan an cire gaisuwa, da tari, da wata tambaya da aka maimaita, da wurin da waya ta yi ƙara. Kyamara kuwa ba ta san an cire komai ba.

Akwai hanyar bambance wannan matsala da wata mai kama da ita. A gwada wurare uku ko huɗu a tsawon fayil ɗin. Idan tazarar tana tsayawa cik na ɗan lokaci, sannan ta yi tsalle, ta sake tsayawa, to yanka aka yi, kowane tsalle wuri ne da aka cire wani abu. Idan kuma tazarar tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, baki yana riga murya da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, can gaba ya ƙara, to na'urorin biyu ne ba su tafi da gudu ɗaya ba, abin da aka fi gani da bidiyon waya wadda ba ta riƙe adadi iri ɗaya na firem, wato hotunan da ke bin juna su zama bidiyo, a kowace daƙiƙa. Namu na farkon ne. Na nemi ɗanyen sautin da makirufo ya ɗauka ranar, aka jera shi da bidiyon, aka sake rubuta hirar daga gare shi. Duk lokacin da ke cikin rubutuna daga nan na ɗanyen fayil ne. Da na ci gaba da tsohon, da mai tacewa ya ɓata yini yana farautar jimloli ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓen zare ɗaya

Dattijon yana faɗin kalma kusan 140 a minti. Minti 9 ke nan kalma 1,260 in ba a yi shiru ko sau ɗaya ba, ni kuma ina son a bar kusan minti guda da hoto zai tafi ba magana. Abin da ya rage bai wuce kalma 1,100 ba. A cikin kowace kalma biyar ta hirar, huɗu za su tafi.

Da irin wannan lissafi ba a rage hira ta hanyar tsinke nan da can. Hirar ta taɓo yadda ya koyi sana'ar, da ƙarancin kayan gyara, da bambancin agogon wanawa da na batir, da ɗansa da ya ƙi gado, da labarin wani agogo guda. Na ɗauki labarin agogon na bar sauran, har da maganar ɗan, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya in ana sauraro. Amma babu abin da za a nuna a kanta in ban da fuskar mai faɗa, kuma ba ta haɗu da komai a gaba ba.

Labarin shi ne: wata mata ta kawo agogon mahaifinta da ya rasu, yana gudu, kullum yana ƙara mintoci. An riga an ce mata sai an sauya kayan cikinsa. Dattijon bai ko buɗe shi ba tukuna, ya ɗauko kamfas ya kusanto da agogon, allurar ta karkata. Maganaɗisu ne ya kama shi, daga maɓallin jakar da take ajiye shi a ciki. A cikin irin wannan agogo akwai wani ɗan wili da ke kai-komo, da siririn sifirin a naɗe wanda ke tsara saurinsa. Idan maganaɗisu ya kama sifirin ɗin, zagayensa suna mannewa da juna, ɓangaren da ke aiki ya gajarce, wilin ya ƙara sauri, agogo ya yi gaba. Ya ɗora shi a kan na'urar cire maganaɗisu, cikin daƙiƙu kaɗan aka gama.

A hirar, labarin a warwatse yake. Bayanin sifirin ya zo a minti 14 na ɗanyen fayil, zuwan matar a minti 31, abin da ta ce da ta karɓi agogon a minti 50, da mai gabatarwar ta sake komawa kan zancen. Kunne yana haƙuri da irin wannan yawo, domin mai sauraro yana tuƙi ko yana wanki, hirar tana raka shi ne. Mai kallo ya ba ka idonsa duka, kuma nan take yake karɓe abinsa. Sai na sake jerawa: a fara da kamfas da allurar da ta karkata, sannan matar da damuwarta, sannan bayanin abin da ke faruwa a ciki, sannan gyaran, sannan maganarta ta ƙarshe.

Sake jeri yana da tarkonsa. A minti 31 dattijon ya ce, “to shi ne na ce mata wannan ɗin ne ya manne.” A hirar an san me “wannan ɗin” yake nufi, tunda ya yi bayani tun minti 14. A sabon jerin, mai kallo bai ji labarin sifirin ba tukuna. Na bi duk guntayen da na zaɓa ina ja wa kowane “shi” da “wannan” da “kamar yadda na faɗa ɗazu” layi a ƙasa. Wasu na matsar da su, wasu na yanke, guda biyu kuma hoto ne ya cece su: yana cewa “wannan ɗin”, ana nuna sifirin.

Shafi biyu, da dalilin kowane hoto

Rubutun bidiyo irin wannan shafi biyu ne a jere, hoto a hagu, sauti a dama, kowane layi da lambarsa. Fuskar masu magana ita ce ginshiƙi. Sauran hotunan da ake ɗorawa a kai su ne masu tacewa ke kira bi-rol, kuma duk lokacin da aka kauce daga fuska zuwa ɗaya daga cikinsu murya na ci gaba, an yi katawe ke nan.

Na ƙara wani ɗan shafi na uku da ba kowa ke sawa ba, na dalili. Duk katawe sai na rubuta aikin da ya zo yi, kuma dalili uku kawai na yarda da su: ya nuna abin da baki ya kasa kwatantawa, ko ya rufe yanka, ko ya ba mai kallo numfashi tsakanin ɓangare da ɓangare. Wanda na rasa abin rubuta masa, na goge shi.

Ga yadda dattijon ya faɗi bayanin sifirin a hirar: “Akwai wani ɗan sifirin a ciki, siriri kamar gashi, an naɗe shi kamar, e to, kamar dai yadda ake naɗe igiya a ƙasa, zagaye cikin zagaye, kin gane ko, to shi ne yake buɗewa yana rufewa. In maganaɗisu ya kama shi, sai zagayen su manne da juna.”

Kwatancen igiyar ya yi shi ne saboda mai sauraro ba ya ganin abin. Kyakkyawan kwatance ne, kuma a fodkas shi ne ya riƙe wurin. A bidiyo za mu nuna sifirin ɗin kansa ya cika allo, don haka igiya ta zama kaya. A rubutun ya koma haka:

```
21 | FUSKA, kusa        | 00:14:07 "Akwai wani ɗan sifirin a ciki,"
22 | sifirin_01, 5 dak. | "siriri kamar gashi // shi ne yake
   | (nuna + rufe yanka)|  buɗewa yana rufewa."
23 | sifirin_01, 2 dak. | ba magana, ƙarar agogo
24 | ZANE 2             | 00:14:24 "In maganaɗisu ya kama shi..."
```

Alamar // ita ce wurin yanka, inda aka cire daƙiƙa takwas na igiya da “kin gane ko”. Da an bar fuskarsa a allo, da an ga kansa ya yi tsalle daga wannan zama zuwa wancan. Hoton sifirin ya rufe tsallen. A lura katawen bai fara daidai kan yankan ba, ya riga shi shigowa kuma ya daɗe bayansa. Idan hoto da sauti suka sauya a firem ɗaya, kunne da ido suna haɗa baki su tona asirin yankan. Na kuma rubuta wa mai tacewa ya bar jan numfashin da ke gaban “shi ne”, ya cike ƙaramin giɓin da shirun ɗakin da aka ɗauka ranar, domin shirun da babu komai a cikinsa ana jin sa kamar an kashe rediyo.

Layi na 24 zane ne, don babu kyamarar da muke da ita da za ta nuna zagayen suna mannewa yadda ido zai gane. Na rubuta wa mai zane abu uku kacal: naɗi a sake, naɗi biyu daga ciki sun haɗe, wili ya ƙara sauri. Ba rubutu a kai sai kalma ɗaya. Mutum ba ya karanta jimla yana kuma sauraron wata.

Ba kowane yanka ne ya samu katawe ba, kuma ban so ya samu ba. An ɗauki hirar da girman 3840 a 2160, bidiyon kuma zai fita a 1920 a 1080, wato ana iya kusanto da hoton har ninki biyu bai dushe ba. Daga kyamara ɗaya sai muka samu kamar uku: su biyun tare, dattijon shi kaɗai, mai gabatarwa ita kaɗai. A kan yanka, sauyawa daga nesa zuwa kusa yana wucewa salin-alin, muddin bambancin girman ya fito sosai. In kaɗan aka matso, sai ya zama kamar kyamarar ce ta zame.

Inda na hana a taɓa fuska

Wuri guda na rubuta da manyan haruffa kada a ɗora komai. Shi ne inda yake faɗin yadda matar ta kara agogon a kunne ta tsaya. Ya yi shiru na kusan daƙiƙa uku kafin ya ƙarasa. A sautin da aka saki an datse wannan shirun, kuma daidai ne, a kunne zai yi kama da matsalar na'ura. A bidiyo ana ganin sa yana kallon hannunsa. Na mayar da shirun duka.

Mai gabatarwar ta so a ɗauko wata a ɗauki hannunta da kunnenta da agogo, a ɗora a nan. Na ƙi. Matar gaskiya ba ta cikin shirin, kuma mai kallo zai ɗauka ita ce yake gani. Ban da haka, abin kallo a wannan wuri fuskar mai ba da labarin ce, mu kuma za mu rufe ta da hannun aro.

Ranar ɗaukar hotuna

Daga shafin hagu na fitar da jerin hotuna 19, na jera su bisa abin da ke kan tebur ba bisa jerin labari ba: duk na kamfas tare, duk na buɗaɗɗen agogo tare. Kowanne na ce a bar kyamara ta yi aƙalla daƙiƙa goma, ko da uku za a yi amfani da su, don mai tacewa ya samu wurin shiga da fita. Na tura wa dattijon hoton kansa daga ranar hirar ya sa rigar nan dai, tunda hannun rigarsa zai fito.

Agogon matar ya daɗe da komawa hannunta, don haka da wani irinsa muka yi aiki, dattijon ya goga masa maganaɗisu da gangan don a ga allurar kamfas ta motsa, daga baya ya cire. Na sa a rubuta a ƙasan allo, karo na farko da ya bayyana, cewa gwaji ne da wani agogo.

Da ya ga mai kyamara na ta juya hannun agogon yana neman inda ya fi kyau, sai ya ce, “Yaro, in ka gama a mayar da shi inda yake. Masu kallon nan za su duba lokaci.” Gaskiyarsa. Ban sa wannan a rubutu ba, kuma da an bi ta tawa, da hotuna biyu da ke bin juna a cikin daƙiƙa shida sun nuna ƙarfe goma da ƙarfe huɗu.

Wilin ma ya ba mu aiki. Agogon yana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa. A firem 25 cikin daƙiƙa ba a ganin komai sai hazo-hazo. Aka ɗauke shi a firem 100, aka kunna a 25, saurinsa ya ragu ninki huɗu, sifirin ya fito yana buɗewa yana rufewa kamar yana numfashi. Sai dai ƙarar tik-tik ta gaskiya ba ta dace da wannan hoton ba kuma, kunne na jin biyar ido na ganin ɗaya da ɗan kai. Mafita ita ce a ji ƙarar a saurinta na asali tun ana kan fuskar dattijon, kafin hoton ya shigo, a nuna agogon a saurinsa na daƙiƙa biyu, sannan a sassauta hoton a kuma janye ƙarar.

Abin da tacewar farko ta tona

Tacewar farko ta fito minti 9 da daƙiƙa 40, da kurakurai uku, biyu daga cikinsu nawa ne.

A layi na 8 na rubuta “agogo yana tafiya, kusa” kawai, ban sa sunan fayil ba. Mai tacewa ya ɗauko hoto daga rumbun hotunan da ake saya, kyakkyawa kuwa. Amma hannun daƙiƙarsa yana tsalle ne sau ɗaya a daƙiƙa, wato agogon batir ne. Na wanawa hannunsa yana tafiya da ƙananan taku da yawa, kamar yana silalewa. A bidiyon da kansa yake bayani a kan agogon wanawa, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne, kuma dattijon da kallo ɗaya ya gano. Tun daga nan kowane layin hoto sai da sunan fayil, ko bayanin abin da dole a gani da abin da bai kamata a gani ba.

Na biyun ya fi nauyi. Dattijon ya ce, “In tsatsa ce ta kama sifirin, ba ya gyaruwa sai an sauya shi. Amma na maganaɗisu ba a sauya komai.” Don rage tsawo na yanke sharaɗin tsatsar, na jona sauran da jimlar da ke gabanta, wadda ke magana a kan maganaɗisu, katawe kuma ya rufe ɗinkin tsaf. Abin da ya fito shi ne dattijon yana cewa sifirin da maganaɗisu ya kama sai an sauya shi, kishiyar duk labarin. Katawe yana ɓoye yanka mai kyau da marar kyau daidai wa daida, shi ya sa ba a gano irin wannan da kallo. Na gano shi ne da na rufe allo na saurari sautin shi kaɗai, rubutacciyar hirar tana gabana. A Hausa ma akwai ƙarin abin tsoro, domin korewa sau da yawa tana da “ba” biyu, kuma ta ƙarshen takan fito a raunane, manne da jan numfashi. Mai tacewa da ke bin zanen sauti da ido yana iya ɗauke ta da numfashin.

Na ukun na mai tacewa ne. Ya ɗauko gyaɗa kan mai gabatarwa daga minti 20 ya rufe wani yanka da shi a daidai inda dattijon ke sukar masu saurin cewa a sauya kaya. Ita a ranar ba ta gyaɗa kai a nan ba, tambaya ma ta yi. Aron gyaɗa kai abu ne da ake yi, amma ba a kan maganar da za a ce ta goyi baya ba. Aka sauya shi da hoton hannunsa yana jera sukurori.

Daƙiƙa 40 ɗin da suka yi yawa kuma daga gabatarwa aka cire su. Mai gabatarwar ta buɗe fodkas ɗin da bayanin wane ne baƙonta da shekarunsa a sana'a. Rubutu layi biyu a ƙasan allo ya ɗauke wannan aiki, yana fitowa karo na farko da aka ga fuskarsa, bayan allurar kamfas ta riga ta karkata.

A ƙarshe rubutun ya tsaya a layi 64. Fuska ta ɗauki kusan minti biyar cikin tara, bi-rol kusan uku, zane biyu suka raba sauran. Daga hotuna 19 da aka ɗauko, 14 suka shiga. Ɗaya daga cikin biyar da aka bari shi ne wanda mai kyamara ya fi alfahari da shi, haske yana bi ta kan gilasan agogo da aka jera, kuma har yanzu yana ganin na cuce shi. Na nemi abin da zan rubuta masa a shafin dalili har sau biyu ban samu ba. Mai gabatarwar ta ce a ajiye mata shi, da maganar ɗan da ya ƙi gado, za ta yi wani gajeren bidiyo da su daban.